Hoton fasfo daga hoton taro: amsa ga ƙanena a Zariya

"Salam Yaya, ya sanyi can? Makarantar nan ta Jamus sun ce in ɗora hoton fasfo a fotal, kuma na biza ma ana so. Ina da wani hotonmu na ranar Sallah a Ƙofar Doka mu takwas, na yi kyau sosai a ciki, wani aboki ya turo min ta WhatsApp. Na yanke fuskata kawai sai ta fashe ta yi dishi-dishi. Ya zan yi ta fito tas?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sanyi kam alhamdulillah muna ta fama. Gaskiyar da zan faɗa ma tun farko ita ce wannan hoton ba zai yi ba, ko wace manhaja ka saka shi, amma bari in nuna ma dalili da lissafi don kar ka ɗauka ina kashe ma gwiwa ne, kuma in ka gane lissafin nan kai da kanka za ka riƙa sanin hoton da zai yanku da wanda ba zai yanku ba.

Kowane hoto na waya ƙananan ɗigo ne aka jera, su ake cewa fiksel, kamar dai zaren da aka saƙa hula da shi. In ka yanke wani ɓangare ba ƙara ɗigon kake ba, zubar da sauran kake ka riƙe ɗan abin da ya rage. Hoton da Jamus da sauran ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wato Shengen, suke karɓa faɗinsa milimita 35 ne tsawo 45, kuma kai daga haɓa zuwa ƙoƙon kai ya cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsawon. In za a wanke shi ya fito da kyau, wato ɗigo 300 a kowane inci, ana buƙatar fiksel 413 a faɗi 531 a tsawo. Ka ga kenan kanka kaɗai yana son fiksel wajen 400.

To yanzu mu koma kan hotonka. WhatsApp in aka tura hoto haka kawai matse shi yake, yawanci ya dawo wajen 1600 a faɗi 1200 a tsawo. Ku takwas a tsaye, ga sama ga ƙasa ga babbar riga, in kanka ya samu kashi ɗaya cikin goma na tsawon hoton ma ya yi ƙoƙari, fiksel 120 kenan. Kana neman 400 kana da 120. Da ka ja shi ya cika allo wayar sai ta baza kowane ɗigo ya rufe gurbin sama da uku, shi ne fashewar da ka gani, ido ya koma kamar tabo, gefen kunne ya narke cikin bango. Ko da abokin naka ya turo asalin na cikin wayarsa, a ce kamarar mai megafiksel 12 ce wato 4000 da 3000, kanka zai kai 300 ne, har yanzu da saura. Wannan zai iya yi ma hoton furofayil, tunda shi ɗan ƙarami ake nuna shi cikin da'ira, sai ka ce masa ya turo ta Document ba ta Gallery ba, kuma don Allah ban da sikirinshot, shi ya fi komai kashe hoto. Amma na biza a'a, balle ma akwai hula a kanka nasan, ga kafaɗar wani a jikin taka, ga bayan ba fari ba, kuma Sallar bara ce ko ta bana? Don yawanci sun fi son wanda bai wuce wata shida ba.

Kar kuma wani a kafe ya ce zai goge ma bayan ya gyara fuska ya ƙara mata kaifi. Ƙara kaifi ba ya dawo da abin da kamara ba ta ɗauka ba, layi-layi fari kawai yake sa wa a gefen fuska, fata ta yi sumul kamar roba. Ni ya taɓa faruwa da ni lokacin da nake haɗa takarduna, na kai hoton da aka yi wa irin wannan kwalliyar, matar da ke karɓa ta ɗaga shi sau ɗaya ta miƙo min abina, ranar sai da na fita neman mai hoto cikin rana hankalina a tashe kar layi ya wuce ni. Ba na so ka ɗanɗani wannan wallahi.

Abin da za ka yi bai fi minti goma ba. Ka samu bango fari ko mai ruwan toka-toka mara zane, da safe kamar ƙarfe tara ko bayan la'asar, a inuwa mai haske irin ta baranda, fuskarka na kallon inda hasken ke shigowa. Hasken nan shi ne rabin aikin, don a ɗaki mai duhu waya takan cika hoto da ƙura-ƙura sannan ta shafe shi, in ka yanke sai ka ga ba kaifi duk da fiksel ɗin sun isa. Ka matso daga bangon kamar taku biyu saboda inuwa. Ka goge gilashin kamara da gefen riga, ƙurar hunturun Zariya kaɗai ta isa ta sa hoto ya yi hazo. Ka cire hula da tabarau. Wani ne zai ɗauke ka da kamarar baya, ba salfi ba, salfi na kumbura hanci saboda kusanci. Ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi, wayar a tsaye daidai saitin idonka, ya taɓa fuskarka a allo kamara ta kama ta, ya ɗauka kamar sau biyar. Kar ya ja zum da yatsa, wannan yankewa ce tun kafin a ɗauka. Ya kashe Portrait da duk wani filta na gyaran fata.

A wannan nisan kanka zai samu fiksel wajen 450 zuwa 500, ya wadatar. Ka zaɓi wanda ya fi fitowa ta hanyar buɗa shi sosai ka duba ido, in kana ganin gashin gira ɗai-ɗai to ya kamu. Sai ka shiga Crop ka sa ma'auni 7:9, wanda shi ne daidai da 35 da 45, in wayarka ba ta da shi akwai manhajojin da ake rubuta ma'aunin da hannu. Ka bar ɗan fili saman kai, kafaɗu su ɗan fito. Ka adana sau ɗaya tak daga asalin, don JPEG, wato irin fayil ɗin da yawancin wayoyi ke adana hoto da shi, duk sanda aka sake gyarawa aka adana sai ya ƙara lalacewa. Daga nan ka duba Details, in ka ga kamar 500 da 640 ka wuce 413 da 531, shikenan. In ya gaza kar ka ƙara masa girma, a sake ɗauka mai ɗaukan ya ɗan matso.

In fotal ɗin ya ce kar fayil ya wuce KB kaza, ingancin matsewa za ka ɗan rage ba adadin fiksel ba, kuma ka karanta ma'aunin da su suka rubuta don kowa da nasa, na Amurka misali murabba'i ne 600 da 600 zuwa 1200 da 1200.

Na fotal ɗin makaranta wannan ya isa. Na biza kuwa shawarata ka je situdiyo a Samaru ko PZ, ka ce musu 35 da 45 na Shengen kake so kar a taɓa fuska, su wanke ma a takardar hoto, sannan ka roƙi asalin fayil ɗin su tura ma ta Document ko imel. In ka ɗauka ka turo min haka in duba kafin ka ɗora. Ka gaida min su Hajiya.