Fatawa: Hajiya ta ce in na fitar da iyalina daga gidan gado ba ta yafe ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Wata 14 ke nan da aurena, muna zaune a gidanmu na gado a cikin gari, ciki da falo aka ware mana. Banɗaki ɗaya ne, madafa ɗaya, ga ƙannena maza uku duk sun balaga. Cefanen da na kawo hannun Hajiyarmu yake zuwa, ita take auna wa iyalina abin da za ta ɗora, kuma ko na ba ta izinin unguwa sai ta sake neman na Hajiya. Na samu haya a Ɗorayi har na ba da kafin alƙalami. Da na gaya wa Hajiya sai ta ce in na fita ba ta yafe mini nononta ba, daga baya kuma ta ce in zaɓa, ko ita ko yarinyar. Surukata ita ma kullum tana kan waya, wai 'yarta ta haɗa kayanta ta taho gida. Ina tunanin hana ta zuwa gidana. Malam, in na tashi na saɓa wa mahaifiyata? In ta dage kan saki, wajibi ne in bi?

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW):

Ɗan'uwa, haƙƙi biyu ne a wuyanka, kuma ba irinsu ɗaya ba. Haƙƙin Hajiya a kanka yake: jikinka, lokacinka, aljihunka, harshenka. Allah ya hana ka ce mata ko da "tir" a Suratul Isra'i, aya ta 23. Shi kuwa haƙƙin matarka bashi ne da ka ɗauka ranar da waliyyinta ya ce ya ba ka, wakilinka ya ce ya karɓa. Mutum yana iya sadaukar wa mahaifiyarsa duk abin da yake nasa, amma ba ya ɗaukar abin wani ya yi biyayya da shi. Annabi (SAW) ya ce ɗa'a a cikin abin da yake ma'arufi take, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Mu fara da muhalli, domin nan ne tushen rigimar.

Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, a zaunar da mata inda ake zaune gwargwadon hali, kuma kada a cutar da su don a ƙuntata musu. Ayar kan matan da suke idda ta sauka. To in wadda aka saka tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda take ɗakinta? A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa mace tana da damar ƙin zama tare da dangin mijinta. Ya togace mace mai ƙaramin matsayi, masu sharhi irin su Dardir suka ƙara da wadda aka gindaya wa sharaɗin zama da dangi tun wajen ɗaurin aure ta kuma yarda. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce ai tun farko ta san gidan yawa za a kai ta. Ba su ƙarasa karatun ba. Malaman sun ce ko waɗannan biyun ana tilasta musu zaman ne muddin dangin ba sa tsinkaye a kan abin da mace take suturtawa. In ana tsinkayen, haƙƙinta na ware mata waje ya dawo.

Yanzu auna gidanku da wannan ma'auni. Mace za ta fito wanka da asuba, ɗaure da zani, ta ratsa tsakar gida, ga samari uku baligai suna jiran layin banɗaki ɗaya. A watan Afrilu, da zafin Kano, sai ta yafa hijabi kafin ta leƙa madafa. Annabi (SAW) ya gargaɗi maza kan shiga wurin mata, wani mutumin Madina ya ce to ɗan'uwan miji fa? Ya ce ɗan'uwan miji ai mutuwa ne. Mu kuwa al'ada ta mayar da ƙanin miji abokin wasa, ya ɗaga labule ya shiga yana "matarmu, me kika dafa?" Ba ina zargin ƙannenka ba ne, Allah ya shirya mana su. Hukuncin bai jira sai an yi ɓarna ba.

Saboda haka neman da matarka take yi na a ware mata waje haƙƙinta ne, kuma tashinka don ka sauke shi ba saɓa wa mahaifiya ba ne.

Sai dai ware waje ba lallai ya zama Ɗorayi ba. Abin da ake nema shi ne ƙofar da za ta kulle, makewayinta, da wurin girkinta. In gidanku yana da sararin da za a ja katanga, a fitar da banɗaki da ɗan madafi a sashenku, ta samu haƙƙinta kuma Hajiya tana jin motsinka safe da yamma. Ka kira magini ya yi maka lissafi, ka kwatanta da kuɗin hayar shekara. Na san gidajen cikin gari, wani lungun ko baro ba ya shiga, kuma gidan da ba a raba gado ba ba ka da ikon gini a ciki sai sauran magada sun yarda. In hakan bai yiwu ba, ka nemi haya mafi kusa da za ka iya, wadda za ka riƙa biyowa ta wajen Hajiya kafin ka wuce kasuwa. Da a ce Hajiya tsohuwa ce marar lafiya, ba ta da mai kula da ita sai kai, da na ce kada ka yi nisa ko kaɗan. Amma ka ce akwai maza uku a gabanta.

Cefane da izinin fita kuwa ba su da tsawo. Ciyar da matarka a kanka yake, izininta a hannunka yake, Shari'a ba ta ɗora wa mace neman izini biyu ba. Hidimar da take yi wa Hajiya kyautatawa ce da za ta samu lada a kai, ba wajibin da za a kama ta da laifinsa ba.

Sai maganar saki. Za a kawo maka hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: Sayyidina Umar ya umarce shi ya saki matarsa, ya ƙi, da maganar ta je wa Annabi (SAW) sai ya ce ya sake ta. Hadisin tabbatacce ne. Amma an taɓa kawo wa Imamu Ahmad wannan hujjar, wani ya ce mahaifinsa ya ce ya yi saki, Imamu ya ce kada ya saka. Mutumin ya ce ba Umar ya umarci ɗansa ba? Ya ce sai in mahaifinka ya zama kamar Umar. Ma'ana, wanda ba ya umarni don son zuciya. Ibnu Taimiyya ma da aka tambaye shi kan uwar da ta tsani matar ɗanta, cewa ya yi ya ci gaba da kyautata wa uwar, amma sakin matar ba ya cikin biyayyar. A wasiƙarka ban ga inda Hajiya ta tuhumi yarinyar nan da wasa da salla ko rashin kamun kai ba. Laifinta shi ne tana son ɗakinta. Ba wajibi ba ne ka sake ta, kuma sakinta a kan wannan zalunci ne.

Ka kiyayi harshenka a kwanakin nan. Da yawa sukan zo mana bayan sun rubuta takarda, ido ya yi ja, suna cewa "Malam, Hajiya ce ta tilasta ni." Fushin uwa ba ya cikin tilascin da yake hana saki aukuwa. Tilasci shi ne irin barazanar kisa ko duka ko ɗauri. In ka furta ya auku, in kuma ka haɗa uku a kalma ɗaya, Risala ta ce bidi'a ne amma ya lizimce ka. Ran nan Hajiya da kanta za ta huce ta ce a dawo da ita, a tarar ba hanya.

Na san abin da ya fi hana ka barci shi ne "ban yafe ba". Muslim ya ruwaito cewa ana amsa wa bawa addu'a muddin bai roƙi zunubi ko yanke zumunta ba, don haka baki a kan ka sauke wajibi ba abin da zai kama ka ba ne, in sha Allah. Amma kada ka ɗauki wannan ka je kana yi mata wa'azi da shi. Tsoro ne yake magana a bakinta: tana ganin in ka fita, cefane ya fita, ɗanta ya zama na wata. Wannan tsoron za ka yi wa magani. Ka yanka mata abin da za ka riƙa kawowa duk wata, ka fara tun kafin ku tashi don ta gani a ƙasa. Kada ka ce "ita ce ta matsa", ka ce kai ne ka ga ƙannenka sun girma. Kuma kada ka je kai kaɗai. Ka sami wanda take jin nauyinsa, yayanta ko yayarta ko limamin unguwarku, ka fara zama da shi ya fahimta, sannan ya yi mata magana ba a gaban surukarta ba. In ta yi faɗa ka durƙusa ka yi shiru, gobe ka dawo gaisuwa.

Surukarka kuma, kiran da take yi wa 'yarta ta baro ɗakinta kuskure ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya ɓata tsakanin mace da mijinta ba ya tare da mu, kuma matarka ba za ta bi ta a kan fita ba da izininka ba. Amma ba ka da ikon rufe mata ƙofa. Halil ya ce ana hukunta wa iyaye shiga wurin 'yarsu sau ɗaya duk mako, in miji yana tuhumarsu da zuga sai a haɗa su da wata amintacciyar mace ta zauna a wurin. Iyakar abin da aka ba ka ke nan. Ni a ganina ma ba za ka buƙace shi ba, domin kukan 'yarta take ji, in kukan ya tsaya wayar za ta ragu. Ka je ka sami surukinka, ka gaya masa ranar da ka tsayar ta tashi, ka roƙe shi ya sa a ba ka lokacin.

In duk wannan bai yi ba har rigimar ta koma tsakaninka da matarka, Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginka, ɗaya daga nata. Ku zaɓi masu hankali, ba masu zafi ba. Bayan su akwai mai unguwa, akwai Hukumar Hisba da ke Sharaɗa, tana zaman sulhun ma'aurata. Ka kuma sani, in ka bar ta a haka har ta kai ƙara kotun Shari'a ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana da ikon tilasta maka ware mata waje, ko ya raba auren. Kada kafin alƙalaminka ya ƙone kana jiran Hajiya ta ce ta yarda: ka sa a yi mata magana a makon nan, ka tsayar da rana.

Wallahu a'alam.