Ƙorafi kan jinkiri da wulaƙanci a ofishin haraji

"Watanni uku ke nan da na nemi takardar shaidar biyan haraji, ba a ba ni ba, jami'in kuma ya daka mini tsawa a gaban jama'a. Wa zan kai wa kukana?"

Malam, dokar da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 ta kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji a Najeriya, wato Office of the Tax Ombud, kuma irin wannan lamari aikinsa ne.

A ganina, kafin ka kai kukanka can, ka fara rubuta wa shugaban ofishin harajin da ka nemi takardar, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, domin wannan hatimi mai ɗauke da kwanan wata shi ne zai tabbatar da jinkirin. Doka ta ce a ba da wannan takarda cikin makonni 2, ko kuma a bayyana dalilin hanawa, saboda haka ka ambaci wannan wa'adi, ka haɗa da lambar harajinka da rasit ɗin biya. Batun tsawar kuwa ya fi wuyar tabbatarwa: kada ka tsaya ga cewa an wulaƙanta ka, ka rubuta rana da lokaci, da ainihin kalaman da ya furta, da sunan wanda ya shaida.

Sai dai ofishin mai sauraron koken ba ya yanke hukunci kan yawan harajin da aka ɗora maka, ba ya kuma shiga maganar da ke gaban kotu. Idan kuɗin ne ba ka yarda da su ba, ka shigar da takardar ƙin amincewa ga hukumar haraji cikin kwanaki 30.