Kyanwata tana yawan amayar da gashi: me zan saya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyanwa irin mai dogon gashin nan ta Fasha, shekararta uku. Da can takan amayar da curin gashi jefi-jefi, amma yanzu kusan kowane mako sai ta yi, wani lokacin ma ba gashi a ciki, kumfa ce kawai. Mai shagon da nake sayen abincinta ya ce in koma abinci na musamman mai maganin gashi, ko in sayi wani man lasa na cikin kwalba. Duka biyun da tsada. Wanne ya fi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ɗan dakata da sayen duka biyun tukuna. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne aman ya ƙaru, kuma ya fara zuwa babu gashi. Wannan ya fi ƙarfin shawarar mai shago.

Harshen kyanwa cike yake da 'yan ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro. Duk lokacin da ta lashi jikinta sai su kwaso gashin da ya riga ya saki, kuma ba ta iya tofarwa, dole ta haɗiye. Ciki ba ya narkar da gashi, amma a kyanwa mai lafiya yawancinsa yana wucewa ta hanji ya fita a kashi. Wanda ya maƙale a tumbi shi ne ke curewa har ta amayo shi, dogo kamar yatsa, domin ta siririyar hanyar abinci ya biyo. Saboda haka idan curin gashi ya yi yawa, ɗayan biyu ne: ko gashin da take haɗiyewa ya ƙaru, ko cikinta ya daina tura shi gaba yadda ya kamata.

Fara da na farko, domin shi ne mai sauƙi kuma mai araha. Kyanwar Fasha tana buƙatar taza kullum, musamman da zafi ya shigo tana zubar da gashi. Ki sayi matajin ƙarfe mai haƙora biyu, masu faɗi a gefe ɗaya, matsattsu a ɗaya. Burushi mai laushi saman gashi kawai yake shafa, ba ya kaiwa ga na ƙasa wanda shi ne ke cukurkuɗewa. Minti biyar ya isa, amma ki bi hammata, bayan kunne, ciki da cinyoyi. In kin gama ki goge ta da ɗanyen tsumma don kwashe ragowar. Inda gashi ya dunƙule ya manne da fata kada ki sa almakashi, fatar kyanwa siririya ce kuma tana biyo dunƙulen. A kai ta a aske mata da injin aski.

Yayin tazar ki yi wani gwaji. Ki shimfiɗa farar takarda da kika ɗan jiƙa, ki taje gindin wutsiyarta a kai. Idan baƙaƙen ɗigo suka zubo, bayan ɗan lokaci suka jiƙe suka koma ja-ja, kashin ƙuma ne. Ƙuma na cikin manyan abubuwan da ke sa kyanwa lasar jiki ba ji ba gani, kuma babu abincin da zai magance wannan. A nan ina roƙonki da babbar murya: maganin ƙuma na kyanwa kaɗai za ki saya. Na karnuka da yawa suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi ma kada su kusanci jikinta.

Sai man lasa. Yawancinsa basilin ne aka haɗa da ɗanɗanon da kyanwa ke so, aikinsa ya sa gashi ya zame ya wuce. Yana taimakawa, kuma ya fi canjin abinci sauƙin kuɗi. Ana shafa ɗan kaɗan a bayan ƙafarta ta gaba ta lashe, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, tsakanin abinci da abinci, saboda yawansa yana rage wa jiki shan wasu bitamin. Kada ki maye gurbinsa da ɗura mata man gyaɗa ko man ja. Waɗannan ciki narkar da su yake yi, ba sa raka gashin har ƙarshe, sai dai su jawo zawo, kuma duk man da aka ɗura da ƙarfi zai iya sarƙe ta ya shiga huhu.

Abinci na musamman shi na sa a ƙarshe. Bambancinsa da na kullum shi ne an ƙara masa harza, wato zaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa, mai share gashi zuwa kashi. Wasu kyanwoyin yana yi musu amfani, wasu ba a ganin canji. In za ki gwada, ƙaramar leda za ki fara saya, ki riƙa gauraya shi da tsohon kina ƙarawa a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, don canjin dare ɗaya shi kansa yana sa amai. Ki yawaita mata ruwa a wurare biyu ko uku, da abinci mai danshi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki dakata. Curi ɗaya a wata ɗaya ko biyu, kyanwa ta amayar ta koma cin abincinta da wasanta, ba abin tayar da hankali ba ne a mai dogon gashi. Amai kowane mako kuwa, balle mai kumfa ko ruwan ɗorawa ba gashi, sau da yawa alama ce ta wani abu a ciki: tsutsar ciki, abincin da bai karɓe ta ba, ko kumburin hanji mai daɗewa wanda ke rage motsinsa. A irin wannan hali gashin da ake gani sakamako ne, ciwon yana wani wuri. Ki yi mako biyu kina rubuta ranar kowane amai, abin da ya fito, da ko kafin cin abinci ne ko bayansa. Ki ɗauki hoton aman da bidiyon lokacin da take yi, ki auna nauyinta, ki kai wa likitan dabbobi tare da ɗan kashinta na ranar. Bidiyon yana da amfani sosai, domin kyanwar da ta durƙusa ta miƙe wuya ƙasa-ƙasa tana kakari babu abin da ya fito, wataƙila tari take yi, kuma asma ce ke damunta. Masu kyanwa da yawa sun daɗe suna ba da man lasa a kan ciwon huhu.

Akwai kuma alamun da ba a jira mako biyu a kansu. Idan tana ta yunƙurin amai ba ya fitowa, ko ta yi amai sau da yawa a yini ɗaya har ruwa ba ya zama. Idan ta ƙi abinci yini da kwana. Idan ta daina kashi, cikinta ya kumbura ko tana kuka in an taɓa shi. Idan akwai jini, ja ko baƙi-baƙi. Idan ta lafe a lungu dasashinta ya bushe, to a ranar za ki kai ta. Curin gashi na iya toshe hanji, kuma wannan sai hoto ko sikanin ya nuna, wani lokacin sai tiyata. Ƙin cin abinci na kwana biyu zuwa uku shi kansa yana iya taɓa hantar kyanwa, musamman mai ƙiba. Idan kika ga zare a ƙarƙashin harshenta ko yana leƙowa ta dubura, kada ki ja, zai iya yanka hanji. Kada kuma ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

In garinku babu likitan da ya saba da kyanwoyi, asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna duba ƙananan dabbobi. Ki sayi mataji yau, kuɗin abincin nan kuma ki ajiye shi don ganin likita. Shi zai faɗa miki ko man lasa ya isa bayan ya duba ta.