Gonar sola da injin iska: me ya sa girma ɗaya, wuta daban?

Tambaya: "Ina rubuta muƙala kan makamashi mai sabuntuwa. In gonar sola da ta injinan iska duk megawat 100 ne, ai wutarsu ɗaya ce ko?"

A'a, kuma nan ne muƙalarka za ta tsaya ko ta faɗi. Megawat 100 iyakar ƙarfin tashar ne, ba abin da take bayarwa kullum ba. Shekara tana da awa 8,760. Mu ɗauka sola tana bayar da kashi 20 cikin ɗari na iyakarta, saboda dare da gajimare: megawat 20 sau awa 8,760, wato megawat-awa 175,200 ke nan a shekara. Iska a wuri mai kyau, mu ce kashi 35, za ta ba da 306,600.

Don haka kada ka kwatanta kuɗin gini kaɗai, sai ka raba duk kuɗin da za a kashe tsawon rayuwar tashar da wutar da za ta samar. Batun fili ma haka yake. Injinan iska suna bazuwa a fili mai faɗi, amma gindinsu kaɗan yake ci, ana noma da kiwo a tsakaninsu, sola kuwa takan mamaye filinta. A ganina, ka fayyace wanne fili kake aunawa tun daga farko.