Tambayoyi da Amsoshi: Kwamfuta ta ƙirga zobba 134, leza ta ce 316

Tambaya: Malam, a ɗakin gwaji mun matsar da madubin intaferomitar Michelson milimita 0.100, muka ɗauki bidiyon zobban hasken da waya na daƙiƙa 15, kwamfuta ta ƙirga 134. Da na saka a lissafi sai tsawon zangon hasken ya fito nanomita 1493, alhali a jikin lezar an rubuta 632.8. Lezar ce jabu, ko manhajar? (Ɗalibin fizik, Zariya)

Amsa: Lezar lafiyarta ƙalau, manhajar ma ta ƙirga abin da ka ba ta. Hannunka ne ya yi gudu. Hasken nanomita 1493 ido ba ya ganinsa sam, kai kuwa ja wur ka gani a bango, to tun daga nan ya kamata ka tsaya ka yi tunani kafin ka rubuto mini.

Mu fara da adadin da ya kamata ka samu. Haske yana zuwa madubi ya dawo, don haka in madubi ya matsa rabin zango, tafiyar hasken ta ƙaru da zango guda cur, zobe ɗaya ya ɓullo daga tsakiya ko ya nutse cikinta. Shi ne asalin 2 ɗin da ke cikin lissafin, inda λ ne tsawon zango, d tafiyar madubi, N kuma adadin zobba:

```
λ = 2d / N
N = 2 × 100000 nm / 632.8 nm ≈ 316
```

Zobba 316 ke nan suka wuce cikin daƙiƙa 15, wajen 21 a kowace daƙiƙa. Wayarka kuma, in ba ka taɓa saitinta ba, hotuna 30 take ɗauka a daƙiƙa. Kafin kyamara ta shaida cewa wuri ya yi haske ya yi duhu ya sake yin haske, tana bukatar fiye da hotuna biyu a kan kowane zobe. Iyakarta ke nan ƙasa da zobba 15 a daƙiƙa, wato madubi kada ya wuce tafiyar maikron 4.7 a daƙiƙa. Da ka zarce nan, bidiyon bai lalace ba, ƙarya ya shara maka cikin natsuwa: maimakon 21 ya nuna abin da ya rage in an cire 21 daga 30, kusan 9 a daƙiƙa. Ga hujja ka gwada da kanka. Daƙiƙa 15 sau 30 hotuna 450 ne. Cire 134 ɗinka daga 450. Me ka samu? 316.

Ka taɓa ganin tayar mota a talabijin tana juyawa baya motar kuwa tana gudu gaba? Abu ɗaya ne. Koma ka kalli bidiyonka a hankali: a farkon juyi, lokacin da hannunka bai ɗau zafi ba, za ka ga zobban suna fitowa daga tsakiya, can sai su birkice su koma kamar suna nutsewa, alhali ba ka juya maɗaurin da ke matsar da madubin baya ba. Duk bidiyon da ya yi wannan, share shi. Kada kuma in ji ka rubuta 316 a rahotonka da dabarar ragin da na nuna maka. Ta yi aiki ne don na riga na san amsar.

Abin da ke ba ni haushi, kuma ba kai kaɗai ba ne, shi ne a ɗauka tunda inji ne ya ƙirga to magana ta ƙare. Michelson da kansa, a shekarun 1892 da 1893 a Faransa, ya auna mita guda da jan hasken kadmiyom, ya samu zango sama da miliyan ɗaya da rabi, da ido da haƙuri da dabara. Kai zobba ɗari uku sun gagare ka da waya a hannu. Al'adata, wadda nake cusa wa duk wanda ya zo wurina, ita ce a fara ƙirga hamsin da ido, ana jan layi a takarda duk goma, a ɗauki bidiyon wannan hamsin ɗin, a ba kwamfuta. In ba ta ce hamsin ba, ba ta cancanci a ba ta ɗari uku ba.

Gyaran ba wuya. Yi tafiyar milimita 0.100 ɗin cikin minti ɗaya ko fiye, zobba biyar ke nan a daƙiƙa, hotuna shida a kan kowane. In hannunka ba ya jure tafiyar hawainiya, kunna ɗaukar hotuna 120 ko 240 a daƙiƙa in wayar tana da shi. Kafe wayar a kan wani abu, ka kulle hasken kyamara don kada ta riƙa gyara shi da kanta duk lokacin da tsakiya ta yi duhu, kuma farar takardar da zobban suka sauka a kai za ka ɗauka, ba bakin leza ba. Ka kwashe bidiyon da kebul, domin manhajojin hira suna matse shi. Sannan ka tambayi fayil ɗin hotuna nawa ke cikinsa:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=avg_frame_rate,nb_frames bidiyo.mp4
```

Saura tarko ɗaya da zai kama ka bayan wannan. Maɗaurin maikromita yana da ɗan lago a haƙoransa: in ka juya shi baya sannan ka dawo gaba, lambobi za su fara tafiya madubi yana tsaye. Lagon maikron 5 kacal zai cinye maka zobba 16, ka ƙirga 300, amsa ta fito 667. Don haka ka juya shi zagaye guda a hanyar da za ka bi, sai ka ga zobba sun motsa, sannan ka karanta lambar farko, kuma kada ka koma baya har ka gama. Ka lura duka kurakuran nan biyu sama suke tura amsa. In ka ga ta zarce 632.8, fara da zargin zobban da suka ɓace maka.

Tambaya: Ni kuma nanomita 316 nake samu kullum maimakon 633. (Ɗaliba, Maraɗi)

Amsa: Kin bar 2 a gida. Madalla da ƙirgarki dai, ta fi ta ɗan'uwanki na sama.

Tambaya: Zobban rawa suke yi ko ban taɓa komai ba. (Mai karatu, Kano)

Amsa: Motsin da bai kai sulusin maikron ba ya isa ya canza zobe guda, kai kuma ga fanka a sama, ga janareta a bayan taga, ga gwiwar hannunka a kan tebur. Kashe fanka, ɗage hannu, ka bar leza ta ɗumama kamar kwata na awa. In abin ya ƙi, sa tayar keke ta ciki mai 'yar iska a ƙarƙashin faifan da kayan ke kai.

Tambaya: Malam, zan iya auna yadda sandar alminiyom ke miƙewa in ta ji zafi da wannan na'ura? (Malamin sakandare, Kumasi)

Amsa: Ƙwarai, malam, lissafin ne kawai za ka juya: `d = Nλ / 2`. Manna madubin a ƙarshen sandar, ka kafe ɗaya ƙarshen. Sanda mai santimita 10 tana ƙaruwa da kusan maikron 2.3 a kowane digiri na Salsiyos, zobba bakwai da 'yan kai ke nan da jar leza, digiri goma kuma wajen 73. Matsalar ita ce ƙirgar haske da duhu a wuri guda ba ta san gaba da baya ba. In sandar ta miƙe zobba goma ta koma uku, kwamfuta 13 za ta ce maka, gaskiya kuwa 7. Saboda haka ka ɗumama ta, ka kashe wuta, ka yi ƙirgar lokacin da take hucewa a hankali, tafiyar hanya ɗaya ce. Ka kuma sa kwali tsakanin sandar da hanyar hasken, domin iska mai zafi ita ma tana motsa zobba ko madubi bai gusa ba.