Hoton sanarwar BBC Hausa: na gaske ne ko ƙirƙira?

"'Yan uwa, an turo mini hoto a WhatsApp, wai BBC Hausa ta rubuta a X za a rufe iyakar Dan Issa gobe. Ina da kaya a Jibiya. Ta yaya zan gane gaskiyarsa?"

Alhaji, kada ka ɗaga kayanka tukuna. Buɗe hoton da yatsu biyu, ka dubi ƙaramin rubutun da ke farawa da @, don babban sunan kowa na iya rubuta shi. Nasu @bbchausa ne. Na taɓa ganin wani hoto a hannun maƙwabcina nan Maradi, an ƙara alamar _ a ƙarshen sunan, sai da muka ƙura ido muka gano ta.

Shuɗiyar alamar nan ta tantancewa da ke gefen suna kuwa kada ta ruɗe ka. Tun ƙarshen 2022 ake samunta da kuɗi a X, ballantana a hoto, inda manna ta ba wuya.

Sai kwanan wata. In "2h" kawai ka gani, awa biyu ke nan kafin a ɗauki hoton, wataƙila tun 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta. Shiga shafin nasu da kanka, ka nemi rubutun a ranar da aka ce. In babu shi can, kuma ba ka ji shi a rediyo ba, don Allah kada ka tura wa kowa.