Gwiwata tana ƙara a kan matakala

Tambaya: "Shekaruna 48. Idan ina hawa ko saukowa daga bene, gwiwata sai ta riƙa ciwo tana ƙaras-ƙaras. Guringuntsi ne ya cinye?"

Mai yiwuwa ne, musamman guringuntsin bayan ƙoƙon gwiwa. A kan matakala, wurin yana ɗaukar wajen ninki 3 na nauyin jikinka, shi ya sa ba ka ji sosai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ƙarar kanta ba ta cika damuna ba, ciwon ne abin lura.

Kada ka daina motsi gaba ɗaya, domin naman gaban cinya zai saki, ciwon ya ƙaru. Gwada wannan: kwanta rigingine, lanƙwasa ƙafa ɗaya, miƙe ɗayar, ka ɗaga ta zuwa tsayin gwiwar da ka lanƙwasa, ka riƙe daƙiƙa 5, sau 10, kullum. Sai an yi makonni kafin a ga canji. Wajen hawa ka fara da ƙafa mai lafiya, wajen sauka da mai ciwon. In akwai ƙiba, rage ko kaɗan ne.

Ibuprofen kullum yana iya illata ciki da ƙoda. Idan gwiwar ta kumbura da zafi, ta maƙale, ko tana sullewa da kai, je ka ga likitan ƙashi.